Hancin mai gyaran firji: yadda ake bin sawun warin da wanki ya kasa fitarwa

Mace ta kwashe komai daga firji, ta wanke shi da omo da ruwan ɗumi, ta goge har robar ciki tana ƙyalli, ta rufe. Washegari ta buɗe, warin nan ya tarye ta kamar ba a taɓa sa masa ruwa ba. Ta sake wankewa, ta yanka lemun tsami ta ajiye, wata ma har turaren wuta take kangawa a ciki. Duk a banza. A nan ne masu gida da yawa suke yanke hukunci cewa "gas ya zube", ko kuma firjin ya tsufa sai a sayar. Amma a cikin masu gyaran firji akwai waɗanda suka ƙware a kan wannan matsala ita kaɗai, kuma aikinsu yana burge ni fiye da na mai ɗura gas, domin kusan duk kayan aikinsu hanci ne, da sirinji, da sanin inda ruwa yake bi idan ya zuba a cikin firji.

A ƙasar Bagudo matsalar tana da dalilai uku da suke haɗuwa. Kogin Kwara ya ratsa yankin, saboda haka ɗanyen kifi ba baƙo ba ne a firjin mutanen Bagudo da Illo da Lolo. Zafin watan Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40. Wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya. Firjin da aka ɗauke wa wuta, ko ba a buɗe ƙofarsa ba, awa huɗu kawai yake iya riƙe abinci cikin sanyin da ba ya lalacewa. Firiza cike maƙil takan kai kwana biyu, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya, kuma wannan lissafi na ƙasashen da ba su kai mu zafi ba ne. Da zarar kifi ko naman layya ya narke, ruwansa da jininsa sai su gangara, kuma ba sa tsayawa a inda tsumma yake kaiwa. Ƙari a kan haka, firji da yawa a garuruwan bakin iyaka na hannu ne, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano, duk da cewa tsofaffin firji da firiza suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Nijeriya ta hana shigowa da su. Irin wannan firji ya riga ya yi shekaru a wani gida a wata ƙasa, ya yi makonni a rufe cikin kwantena, kuma ba wanda ya taɓa leƙa bayansa.

Bari mu bi aikin wani mai gyara a gidan wata Hajiya mai sayar da zoɓo da kunun aya. Firjinta mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, irin wanda ba ya tara ƙanƙara a bango, wanda ake rubuta wa No Frost a goshi. Maigida ya kawo tarwaɗa da karfasa ɗanyu aka zuba a leda aka sa a firiza, sai wuta ta yi kwana biyu ba ta dawo ba, a tsakiyar bazara. An zubar da kifin, an wanke firjin sau da yawa, amma masu saye suka fara cewa kunun yana ƙarni.

Da ya zo bai taɓa soso ba. Tambaya ya fara yi.

"Hajiya, mi kinka aje ciki ran da wuta ta tafi? Kuma sama ko ƙasa?"

"Kifi ne, Malam, a sama. Amma na wanke wurin tas."

"Na yarda kin wanke. Ruwan kifin da kinka tarar, ya kai yawan wanda ya kamata ki gani?"

Ta yi shiru, sannan ta ce ɗan kaɗan ta tarar a ƙasan firizar. Amsar da yake nema ke nan. Kifi mai yawa haka idan ya narke yakan zubar da ruwa sosai, in kuwa ba a gan shi ba, to ya shiga wani wuri.

Sai ya zare filogi, ya sa aka kwashe komai har da tire-tiren gilashi da akwatin kayan miya, ya bar ƙofofi a buɗe har cikin ya bar sanyi, sannan ya rufe su na kamar rabin awa. Dalilinsa shi ne sanyi yana danne wari, don haka firjin da ke aiki yana ɓoye rabin laifinsa. Idan ya yi ɗumi aka rufe shi fanko, warin da ya taru na jikinsa ne, ba na abinci ba. Da ya buɗe, bai cusa kai gaba ɗaya ba. Ya fara da ƙofar sama, ya kai hanci kusa da ramukan iska na bangon baya, ya fita tsakar gida ya sha iska, ya dawo ya shinshina ƙofar ƙasa, sannan ya ja firjin daga bango ya durƙusa a bayansa. Fitar nan da yake yi tsakani ba yanga ba ce. Hanci yana sabawa da wari cikin ɗan lokaci ƙalilan, shi ya sa mai gida take daina jin abin da baƙo yake ji tun daga bakin ƙofa.

Abin da yake rarrabewa shi ne irin warin, domin kowanne yana nuna wurinsa kuma yana da maganinsa. Ƙarnin ruɓaɓɓen kifi yana fitowa ne daga wani sinadari ɗan'uwan amoniya, kuma abu mai tsami ne yake karya shi. Tsamin nono ko kunun da ya zube ya bushe akasin haka ne, sai abu irin su bekin soda ko kanwa. Warin hunhuna, mai kama da na ɗakin da ya sha damina a rufe, yana nuna ruwa kwance ko robar ƙofa mai danshi. Ɗoyin mushe da ya fi ƙarfi a baya fiye da ciki yawanci ɓera ne ko tsaka da ta mutu kusa da kwampireso, inda suke zuwa neman ɗumi. Ƙauri kuwa, na roba ko waya da ta ƙone, ba aikin wanki ba ne ko kaɗan. Firji mai irin wannan ƙauri ba a mayar da shi a wuta sai an duba wayoyinsa da ɗan akwatin da ke gefen kwampireso.

Maganar gas ma a nan take mutuwa. Gas ɗin da ke cikin firjin gida, ko R134a ne da ya maye gurbin tsohon R12 a shekarun 1990, ko R600a da ya cika sababbin firji, kusan ba shi da wari. Ba irin gas ɗin girki ba ne da ake zuba wa sinadari mai wari da gangan don a gane in ya tsiyaya. Idan gas ɗin firji ya zube, alamarsa ita ce kwampireso yana ta aiki ba hutawa amma ciki ba sanyi. Firjin da yake ƙanƙarar da ruwa lafiya lau kuma yana wari, gas ɗinsa na nan. Duk wanda ya karɓi kuɗin ɗura gas don maganin wari, ko dai bai san aikin ba, ko ya san mai firjin ba ta sani ba.

A bayan firjin Hajiya, a saman kwampireso, akwai wani ɗan tire na roba da yawancin masu firji ba su san da shi ba. Ga amfaninsa. Kowane firji yana tara raɓa ko ƙanƙara a wurin da ya fi sanyi, kuma dole wannan ruwa ya sami mafita. A firji irin nata, bututun sanyi suna ɓoye a bayan wani murfi a cikin firiza, kuma akwai ɗan hita da ke kunna kansa sau biyu ko uku a yini ya narkar da ƙanƙarar da ta taru a kansu. Ruwan ya sauka a wani ɗan kwarami, ya bi siririn tiyo ta cikin bangon baya, ya ɗiga a tiren nan, zafin kwampireso ya busar da shi. An tsara abin ne don ruwa mai tsabta. Idan ruwan kifi ya bi hanyar, ruwan ne kawai yake bushewa, jini da maiƙo su zauna a kan abu mai ɗumi dare da rana suna dahuwa. Da mai gyaran ya haska tocila, sai ga wani baƙin kauri mai yauƙi ya lulluɓe ƙasan tiren, da matattun kyankyasai a ciki.

Hajiya ta yi tambayar da kowa zai yi: abin da ke waje, yaya aka yi yake wari a ciki? Amsar ita ce tiyon nan hanya ce mai zuwa da dawowa. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa iska mai zafi ta shiga, aka rufe, iskar tana yin sanyi ta tsuke, sai firjin ya zuƙo wata daga waje don ya cike gurbin. Shi ya sa ƙofar firji take yin tauri idan an so sake buɗe ta nan take. Hanyar da ta fi sauƙi ga iskar ita ce tiyon, wanda bakinsa yake rataye daidai kan ƙazamin tiren. Firjin da kansa yake shaƙo warin, fankar ciki kuma ta raba shi sama da ƙasa. Wasu kamfanoni suna sa ɗan bakin roba mai matsewa a ƙarshen tiyon don ruwa ya fita iska ta kasa shiga, amma a tsohon firji sau da yawa ya taurare, ko ya toshe, ko ya faɗi tun a hanya.

Wani tiren ana zare shi, wani an ɗaure shi da noti biyu, wani kuma an manne shi a kan kwampireso, in aka tilasta masa sai ya tsage. Nata mai zaruwa ne. Ya kai shi bakin rariya ya kankare da tsohon buroshin haƙori da omo, ya ɗauraye, sannan ya jiƙa shi a ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita huɗu na ruwa, na minti goma. Inda tiren ba ya fita, sai a tsane ruwan da soso a hankali, a wanke shi a wurinsa, a rufe wayoyin gefen kwampireso da leda kada ruwa ya taɓa su.

Daga nan ya koma cikin firiza, kuma a nan ne na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Ya kwance notunan murfin baya, amma bai fizgo shi ba, don wayar fanka tana maƙale a jikinsa, kuma ƙanƙara tana iya riƙe shi ta ciki. Ya jira ta saki da kanta. A bayan murfin, ƙanƙarar da ke ƙasan bututun ba fara ba ce, ruwan ƙasa-ƙasa ce. Ruwan kifin ya gangara ta ƙarƙashin murfin ya cika kwaramin, da wuta ta dawo ya daskare a nan ya toshe bakin tiyon rabi. Tun daga ranar, duk sanda hitan ya kunna, sai ya ɗumama wannan ƙanƙara ta saki ƙarni, fanka ta tashi ta watsa shi, sannan ta sake daskarewa. Ko shekara Hajiya za ta yi tana goge robar da ido yake gani, ba za ta taɓa wurin ba.

Bai sa wuƙa ba, bai sa sukundireba ba. Bututun nan na alminiyom ne mai laushi, huda ɗaya ta isa ta zubar da gas, kuma R600a yana kama wuta. Ruwan ɗumi ya yi ta zubawa da babban sirinji, mai zafin da hannu yake iya jurewa, ba tafasasshe ba, domin tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba ko ya tsaga wadda take da sanyi. Da ƙanƙarar ta narke sai ya cusa bakin sirinjin a ramin ya matsa da ƙarfi, ya ajiye kwano a baya. Da farko ba abin da ya fito, sannan wani guntun yauƙi ya faɗo, ruwa mai duhu ya biyo shi. Ya ci gaba har abin da ke fita ya zama garau kamar wanda ya zuba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba kofi ɗaya a sama, a ga kofi ɗaya a ƙasa ba da jinkiri ba. In ya ragu, akwai inda yake tsayawa ko yake tsiyaya. A firji mai sauƙi, wanda ba shi da fanka, ramin nan a fili yake, a bangon baya na ɓangaren ƙasa, daidai saman akwatin kayan miya, kuma mai gida da kanta za ta iya wanke shi haka duk bayan 'yan watanni.

Da yake ƙarnin kifi ne, ya haɗa ruwan kal da ruwa rabi da rabi ya wanke kwaramin da murfin da fukafukan fanka da bangon ciki, ya bi da ruwa zalla. Inda ba ruwan kal, ruwan lemun tsami da aka tace yana yi. Da nono ne ya zube, da bekin soda zai sa, babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana aiki idan an tace ta sosai don yashinta kada ya karce roba, sai dai ita da bilic duka suna cin alminiyom, saboda haka ba a barin su su zauna a kan bututu ko a cikin firiza mai bangon alminiyom. Abu biyu ne ya ja kunnen Hajiya a kansu. Kada ta haɗa ruwan kal da bekin soda a kwano ɗaya don ta ga yana kumfa ta ɗauka ƙarfi ya ƙaru, domin kashe juna suke yi. Bilic kuma ba a haɗa shi da ruwan kal ko lemun tsami ko kaɗan, don haɗin yana fitar da hayaƙin kulorin mai ƙona huhu, ballantana mutum ya sunkuya da kansa a cikin akwati. In za a yi amfani da su duka, sai an ɗauraye na farko tas.

Robar ƙofa ta zo daga baya. Tana da ninki-ninki, kuma na ƙasan ƙofa shi yake tare duk abin da ya ɗiga. Ya buɗe ninkin da yatsa, sai ga baƙin hunhuna da busasshen zoɓo. A yawancin firji robar cusa ta aka yi a cikin wani kwari, ana iya zare ta daga kusurwa a wanke a mayar. Bayan ya mayar sai ya maƙale takardar kuɗi a ƙofa ya rufe ya ja, ya zagaya duk gefunan. Inda ta zame ba tare da riƙo ba, iska mai zafi tana shiga, raɓa tana taruwa, hunhuna kuma zai dawo. Ya kuma zare bakin robar da ke gefen tire-tiren gilashi, wurin da miya take shiga ta kwanta.

Sauran aikin haƙuri ne, kuma shi masu sana'a ba sa son ji, don kowace rana da firji yake kashe ciniki ne ya wuce. Robar ciki tana shan wari, musamman wadda ta karce, kuma iska ce kawai take fitar da shi. Ya ce a bar ƙofofi a buɗe kwana biyu a inuwa mai iska, a kunna masa fanka in da hali. Tire-tire da akwatuna a shanya su a rana, amma firjin kansa kada a kai shi tsakiyar rana, robarsa za ta bankaɗe. Bayan haka a farfasa busasshen gawayi a baza a faranti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a cusa dunƙulallun tsofaffin jaridu, a kunna shi fanko na kwana biyu ko uku ana canza gawayin. Gawayi yana kama warin da ya rage a iska ne kawai. Wanda ya sa shi alhali tiren baya na nan da ƙazantarsa ya yi asarar gawayi. Turare kuwa ya hana shi gaba ɗaya, don roba za ta sha shi kamar yadda ta sha ƙarni, kunun ya fito da ɗanɗanon duka biyun. Gwajin ƙarshe shi ne a ajiye kofin ruwa a buɗe ya kwana a ciki, a ba wanda ba ɗan gidan ba ya kurɓa da safe. Na Hajiya ya wuce gwajin a zagaye na biyu na gawayi.

Akwai firjin da ba ya warkewa, kuma mai gyaran kirki yakan faɗa tun kafin ya karɓi kuɗi. Tsakanin robar ciki da ƙarfen waje akwai busasshen kumfa mai riƙe sanyi, wanda aka ɗura tun a masana'anta ya manne da bangarorin biyu. Idan robar ciki ta tsage, jini yana shiga cikinsa, kuma ba hanyar wanke shi. An fi ganin haka a firiza mai kama da akwati, irin ta masu ƙanƙara da masu kifi, inda ake sara ƙanƙara da wuƙa ko a jefa daskararren nama daga sama, ko kuma inda haɗin bango da ƙasa ya buɗe, ko gefen toshiyar ramin zubar da ruwa ya saki. Mai gyara yakan danna gefen tsagar da babban yatsa. In ruwa mai launi ya tsatso, ko warin ya fi ƙarfi a daidai nan bayan an wanke ko'ina an shanya, ko bangon waje yana gumi a wuri ɗaya kullum, to kumfan ya jiƙe. Idan wurin ƙarami ne ana iya yanke robar, a ƙwaƙule kumfan da ya ɓaci har a kai ga fari busasshe, a cika da sabo a liƙe, da sharaɗin mai yankan ya san inda bututun gas suka bi, domin a irin wannan firiza a cikin bangon suke kwance. Idan kuwa duk ƙasan ne ya sha, liƙe tsagar da gam zai rage warin na ɗan lokaci, sai wuta ta sake ɗaukewa firizar ta yi ɗumi ya dawo. Irin wannan sai dai a mayar da ita ta lemon kwalba da abin da yake rufe ruf. Ruwan leda da ƙanƙara da kunu ba za su zauna a cikinta ba, don ledar tana barin wari ya ratsa, mai saye kuma zai ji shi a kurɓar farko.